Daga Jika Zuwa Kaka: Yadda Ake Tsara Tafiyar Zumunci Zuwa Yankari

Taron zumunci na dangi ya zama ruwan dare a garuruwanmu. An saba yin sa a tsakar gidan gado ko a ɗakin taro na haya: a buɗe da addu'a, manya su yi jawabi, a raba shinkafa, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa kafin magariba. A 'yan shekarun nan wasu dangin sun fara cewa wannan bai isa ba, gara a haɗa kuɗi a tafi wani wuri a kwana biyu tare, yara su san juna, tsofaffi su sha iska. Shawara ce mai kyau, amma tana da tarko. Wanda yakan ɗauki nauyin shirin galibi magidanci ne ɗan shekara 35 zuwa 45, mai ƙarfi a jika, kuma ba tare da ya lura ba sai ya tsara tafiyar daidai ƙarfinsa da sha'awarsa. Sakamakon haka kaka ta yini a ɗaki tana jan carbi, matan gida su yini a bakin murhu, samari su yini a kan waya, a dawo gida kowa yana cewa an ji daɗi alhali kaɗan ne suka ji.

Ra'ayina shi ne a gina jadawalin a kan mafi rauni a cikin tawagar, wato tsoho da ƙaramin yaro, a ware lokuta kaɗan da dole kowa ya hallara, sauran yinin kuma a bar mutane su rarrabu ba tare da an ga laifinsu ba. Don maganar ta fito fili, bari mu ɗauki wuri ɗaya mu bi shi daki-daki: gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi.

An keɓe Yankari a matsayin gandun namun daji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, a 2006 kuma ya dawo hannun Jihar Bauchi. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Abin da ya sa ya dace da taron dangi shi ne abubuwa biyu da yake da su a wuri guda: akwai daji da namunsa ga mai son yawo, akwai kuma ruwan ɗumi na Wikki a gindin masauki ga wanda ba ya son yin nisa.

A ce dangi ne daga Kano, su 40: tsofaffi 6, magidanta da matan aure 14, samari da 'yan mata 8, yara 12. Abu na farko da mai shiri zai fahimta shi ne nisan hanya. Daga Kano ta Wudil, Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi kusan kilomita 300 ne. Daga Bauchi a hau hanyar Gombe, a ratse a Dindima, a nufi ƙofar gandun da ke Mainamaji. Mutane da yawa suna ɗauka da an iso ƙofa an iso, alhali daga nan zuwa masaukin Wikki akwai sauran sama da kilomita 40 a cikin daji. Jimilla tafiya ce ta fiye da kilomita 400, da tsofaffin da za a riƙa tsayawa dominsu da yaran da mota ke juya wa ciki. Saboda haka ranar farko ta hanya ce kawai, kada a ɗora mata komai. A tashi bayan asuba, a yi sallar azahar da cin abinci a Bauchi, a shiga masauki da sauran rana. Tafiyar ta wuce nisan da ake yin ƙasaru, don haka tun a gida a tambayi malamin dangi yadda za a yi da salla, kada a tsaya gardama a bakin titi. Kuma mako ɗaya kafin a tashi a kira masu kula da wurin a ji halin hanya, halin ɗakuna da na wuta, domin waɗannan abubuwa suna sauyawa.

Bas biyu masu cin mutum 18 za su kusa ɗauke kowa, amma a ƙara ƙananan motoci biyu. Ɗaya ta tsofaffi ce, wadda za ta iya tsayawa duk lokacin da suka buƙata ba tare da sun ji sun takura wa jama'a ba. Ɗayar kuma, da an isa, a ajiye ta da mai a cikinta da direba sananne, ba ta zuwa yawo, saboda idan jikin wani ya tashi da dare asibiti ba kusa yake ba.

Lokacin zuwa ma yana shafar kowane rukuni daban. Da rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe, ruwa ya janye daga ko'ina, sai namun daji su riƙa taruwa a bakin kogin Gaji, ganinsu ya yi sauƙi. Maris da Afrilu sun fi ga mai son ganin dabbobi, sai dai zafinsu yana wahalar da tsoho mai hawan jini da jariri. Disamba da Janairu akwai hutun makaranta da sanyin hunturu, wanda ya fi wa yawancin dangi, in dai an tanadar wa yara rigunan sanyi, an kuma tuna da masu asma saboda ƙura. Da damina daji ya rufe, hanyoyin ciki sun jiƙe, ana iya yawo mai tsawo ba a ga abin kirki ba.

Yanzu mu zo ga abin da littattafan yawon buɗe ido ba sa faɗa, wanda kuma shi ne ƙashin bayan shirin a wurinmu: dangin Bahaushe ba taron mutane 40 ba ne da kowa zai iya zama kusa da kowa. Akwai kunya, akwai wasa. Suruki ba zai sake ya ci abinci a gaban surukinsa ba, balle ya tuɓe riga ya shiga ruwa. Amaryar da aka kawo bara ba za ta ɗaga murya a gaban uwar miji ba. Akwai iyayen da har yau suke kunyar ɗan fari. A ɗaya gefen kuma akwai wasan jika da kaka, akwai na taubasai, akwai na mace da ƙannen mijinta. Mai shirin da ya san danginsa zai zauna da jerin sunaye ya yi abu biyu: ya raba masu kunyar juna a mota, a tabarmar cin abinci da lokacin wanka, ya kuma haɗa masu wasa da juna a duk inda ake son raha. Idan aka sa taubasai a ƙungiyoyi biyu masu hamayya a wasan ƙwallo ko ludo, ba sai an nemo mai ba da dariya ba. Idan aka damƙa wa kaka jikokinta da yamma, ita da su duk sun sami abin yi. Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. A sa wata gwaggo da ta san sirrin kowane gida a cikin kwamitin, ita ce za ta ce, "Kai, kada ka haɗa wance da wance a ɗaki ɗaya, ba su gama shiryawa ba tun rabon gado." A sa budurwa ko saurayi guda, shi zai faɗi abin da tsaransa za su yarda su yi.

Rana ta biyu ita ce cikakkiyar rana, kuma ga yadda zan tsara ta. Lokuta uku ne kawai na dole: karin kumallo, abincin rana tare da sallar azahar, sai zaman dare bayan isha'i. Duk abin da ke tsakani zaɓi ne.

Yawon ganin namun daji ana yin sa ne a mota tare da jagora daga ma'aikatan gandun, kuma yakan ɗauki kamar awa biyu a kan hanyar ƙasa mai gargada. Dabbobi sun fi fitowa da sanyin safiya da kuma la'asar sakaliya, da rana tsaka suna cikin inuwa. Wannan ya ba mu damar raba tawagar gida biyu ba tare da an cuci kowa ba. Samari, 'yan mata da magidanta masu ƙarfi su fita da sassafe, su yi dogon zagaye, su haɗa da kogunan duwatsu da ake kira Marshall, ɗakuna ne da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, ana kyautata zaton mafaka ce a zamanin hare-haren kama bayi. Isa gare su sai da ɗan hawa, don haka ba wurin mai ciwon gwiwa ba ne. Tsofaffin da suke so, da iyaye mata da yara, su fita da la'asar, a roƙi jagora ya gajarta zagayen ya bi gefen kogi. A ba tsoho kujerar gaba da matashin kai. Mai juna biyu da mai ciwon baya gara su haƙura, kuma mace 'yar'uwarta ce za ta gaya mata haka a keɓe.

Tun a gida a faɗa wa yara gaskiya game da abin da za su gani. Yankari na da giwaye, garkensa na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, amma daji ne mai faɗi, ba gidan zu ba, ana iya fita a dawo ba a haɗu da su ba. Zaki kuwa ganinsa sai babbar sa'a. Abin da aka fi cin karo da shi su ne gwanki, gwambaza, kanki, ɓauna, birai da tsuntsaye iri-iri, a ruwa kuma a kan dace da dorina ko kada. Yaron da aka yi wa alkawarin zaki zai dawo da kuka. Wanda aka ba takarda da fensir aka ce ya rubuta duk dabbar da ya gani da sunanta na Hausa, za a ba wanda ya fi yawa kyauta, zai dawo yana tsalle ko da gwanki kawai ya gani. Nan ma tsofaffi suna da aiki, domin yawancin yaran birni ba su san bambancin gwanki da barewa ba, kakansu da ya tashi a ƙauye ya sani.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa: dangi suna son yin ankon riga don hoto. A dajin akwai tsando, ƙudan nan mai cizo da zafi, kuma baƙin tufafi da shuɗi suna jawo shi. In za a yi anko a zaɓi ruwan ƙasa ko wani launi mai haske, mai dogon hannu.

Ruwan Wikki shi ne abin da kowa zai tuna, kuma shi ne ya fi buƙatar tsari. Yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin dutse, garau har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Da safiyar hunturu, lokacin da iska ke yanka fata, shigarsa daɗi ne da ba a iya kwatantawa. Sai dai wuri ne na kowa, akwai wasu baƙi, kuma yawancin matanmu ba za su shiga ruwa ana kallonsu ba. Idan ba a tsara ba, abin da zai faru sananne ne: maza da yara su yi ta iyo, mata su zauna a gefe da lulluɓi suna riƙe da tawul. Maganinsa shi ne a yi amfani da lokacin da 'yan zagayen safe suka fita. Wurin bai cika ba tukuna, mazan dangi ba sa nan, sai mata su sauka tare da ƙananan yara, da kayan wanka masu rufe jiki da aka tanada tun daga gida. A yi magana da ma'aikatan wurin tun daren jiya. Maza su ɗauki hantsi bayan sun dawo, dattawan maza kuma a ba su nasu lokacin su kaɗai, saboda kunyar surukai.

Ruwan ba zurfinsa ɗaya ba. Wajen da yake fitowa daga dutse yana iya shanye mutum, can ƙasa kuma ya yi sauƙi. Yara 12 ba a barin su da "kowa ya sa ido", domin inda kowa ke sa ido ba mai sa ido. A kira suna: wane, yara ukun nan naka ne har su fito. Babban da ya iya ruwa ya tsaya tsakanin yara da wajen zurfi, kuma mai tsaro ba ya riƙe waya. Sauka zuwa ruwan ta matakala ce mai ɗan tsawo, saukar ba ta da wuya, hawan ne aiki. Kakar da ke so ta je a ba ta jikoki biyu su riƙe ta, a tafi mata da kujerar roba, ta zauna a inuwa ta tsoma ƙafa. Sau ɗaya a yini ya ishe ta.

Tsakanin azahar da la'asar kada a sa komai. Tsofaffi su yi ƙailula, jarirai su yi barci. Yaran da barci ya ƙi zuwa musu a kai su ɗan gidan tarihin da ke masaukin, inda aka ajiye fatu, ƙasusuwa, hauren giwa da kayan da aka ƙwace daga mafarautan sata. Dattawa masu son dara su haƙa gurabensu a ƙarƙashin bishiya. Mai shiri yakan ji kamar asara ce a biya kuɗi a zo a kwanta, sai ya cusa wani abu a wannan lokaci, kuma a nan ne yini yake lalacewa, domin wanda bai huta da rana ba ba zai zauna hirar dare ba.

Batun abinci yana da fuska biyu. Ta farko, wa zai dafa? Idan matan gida 7 ne za su ciyar da mutum 40 sau uku a rana, to an ɗauko musu kicin ne an kawo daji. Ko dai a shirya da ɗakin cin abincin masaukin tun da wuri a gaya musu adadi, ko a ɗauko masu girki biyu a biya su, in an tabbatar an yarda a yi girki a wurin. A taho da abin da ba ya lalacewa da wuri: dambun nama, kilishi, cincin, garin kunu, dabino, ruwan sha mai yawa. Mai ciwon sukari ba ya jiran sai an dawo daga yawo, abincinsa da maganinsa suna da lokaci, don haka a rubuta sunayen masu shan magani a ba mutum ɗaya, kuma mai allurar insulin a tanadar masa kula da ƙanƙara. Fuska ta biyu ita ce gwaggon biri. A masaukin Wikki suna yawo a tsakanin ɗakuna tare da mugun dawa, sun saba da mutane, sun san leda, suna shiga ɗaki ko mota in an bar su a buɗe, suna fizge abu a hannun yaro. A rufe ƙofa da taga, a ci abinci a wuri ɗaya, kada yaro ya yi yawo da biskit a hannu, kada kuma kowa ya jefa musu abinci don ɗaukar hoto. In biri ya ƙwace abu a bar masa. Cizo ko yaƙushi ba abin rainawa ba ne, a wanke da ruwa da sabulu sosai a nufi asibiti.

Zaman dare shi ne dalilin tafiyar, kuma shi ne aka fi kashewa da jawabai. Idan aka ce kowane babba ya yi magana, kafin na uku ya gama yara sun yi barci samari sun sulale. Gara a fara da abin yara tun idonsu biyu: tatsuniya daga bakin kaka, kacici-kacici tsakanin gidaje, 'yan mata su yi gaɗa in suna so. Daga nan a shiga asalin dangi, amma ba a matsayin lacca ba. A shimfiɗa babbar takarda, a rubuta sunan kakan kakanni a sama, kowane yaro ya zo ya nemo inda reshensa ya fito. Jikoki su yi tambaya, tsofaffi su amsa. Ɗan shekara 15 da zai yi hamma in an ce masa ya saurari tarihi, in aka ba shi waya aka ce shi ne mai ɗaukar murya, za a ji shi yana cewa, "Hajiya, ki ɗan maimaita, wane gari kuka ce Malam ya baro kafin ya zo Kano?" Ta haka samari sun sami aikin da ya dace da hannunsu, dangi kuma sun sami abin ajiya. Awa ɗaya da rabi ta isa. Maganar rikicin gado, bashin wane ko auren wance ba a kawo ta wannan zama, in dole ne manya su keɓe da ita bayan an tashi.

Akwai alamun da ke nuna tsari ya fara karkacewa, kuma ana iya gyarawa tun da rana. In dattijo ya ce "ku je kawai, ni zan ɗan huta" sau biyu a jere, ba gajiya ba ce kaɗai, ba a tanadar masa abin da zai iya ba ne. In aka ga mace ɗaya tun safe ba ta zauna ba, an bar mata yaran kowa. In wani gida suna ta ba da uzuri duk lokacin da aka zo abin da ake biya, matsalar aljihu ce.

Wannan ya kawo mu kan kuɗi, wanda ya kamata a gama da shi tun kafin a tashi. Hanyar da ta fi sauƙin fahimta ita ce ta kaso. Tsofaffi 6 ba sa biya. Manya 22 kowa kaso ɗaya, yara 12 rabi-rabi, jimilla kaso 28. A ce, don misali kawai, mota da ɗakuna da abinci da kuɗin shiga da na jagora sun kama naira 2,800,000, to kaso ɗaya 100,000 ke nan. Mai mata ɗaya da yara huɗu zai biya kaso huɗu, 400,000, kuma sau da yawa shi ne mai ƙaramin albashi. Don haka lissafin kaso shi kaɗai bai wadatar ba. A buɗe asusun gefe da masu hali za su zuba abin da suka ga dama, ma'aji da mutum ɗaya kawai su san gidan da aka cike wa. A ƙara kashi 10 cikin 100 a kan jimillar saboda abin da ba a zata ba, a kuma sa duk abin da za a yi a cikin kuɗin bai ɗaya, yadda ba za a zo bakin mota a ce mai son yawo ya kawo kaza ba. A riƙe tsabar kuɗi, domin a cikin daji ba a dogara da sabis ɗin waya wajen tura kuɗi.

Rana ta uku ta komawa ce. Masu son sallama da ruwan Wikki su sauka bayan asuba, a karya, a ɗauki hoton dangi kafin a loda kaya, a bar masauki kafin ƙarfe 9 don a shiga Kano da rana. Kafin motoci su tashi ma'aji ya karanta abin da aka tara, abin da aka kashe da abin da ya rage, a ƙirga yara da sunansu a kowace mota, a kuma faɗi gidan da zai riƙe shirin baɗi.